Yadda ake haɗa na'urar gem da majigi a falo: tazara, sauti da jinkiri

Kafin ka buɗe kwalin majigi, kai, kafin ma ka biya kuɗinsa, nemo tef na awo da fensir da takarda. Yawancin koke-koken da ake yi a kan buga gem da majigi, cewa hoto bai fita tas ba, ko an danna maɓalli ɗan wasa bai motsa da wuri ba, tushensu ɗaya ne: an ajiye majigin a inda aka ga dama, aka bar masa aikin gyara hoton da kansa. Duk gyaran da majigi zai yi da lissafin cikinsa lokaci yake ci. A kallon fim ba wanda zai damu, amma a gem wannan lokacin ne yake shiga tsakanin yatsanka da abin da idonka yake gani. Saboda haka za mu bi aikin daga bango zuwa baya: faɗin hoto, mazaunin majigi, waya, saiti, sannan sauti.

Fara da bango

Auna faɗin wurin da hoton zai sauka, wato filin da babu taga, babu ƙofa, babu makunnin wuta. Ana faɗin girman allo da inci ne daga kusurwa zuwa kusurwa, amma lissafinmu faɗi yake buƙata. A allo mai siffar 16:9, wadda ita ce siffar da na'urorin gem suke fitarwa, inci 100 yana da faɗin santimita 221 da tsayin kusan 125. Inci 120 kuwa faɗinsa 266 ne, tsayinsa 149. Idan falon ƙarami ne, inci 80 zai ba ka 177 a faɗi, 100 a tsayi.

Kowa yana son babba, amma ka riƙe abu biyu. Na farko, filin inci 120 ya fi na inci 100 da kusan kashi 44 cikin ɗari, kuma hasken majigin bai ƙaru ba, shimfiɗa shi kawai aka yi, don haka hoton zai dusashe gwargwadon haka. Na biyu, gem ba fim ba ne. Taswira tana wannan kusurwa, yawan harsashi ko lokacin wasa yana waccan, kuma dole idonka ya riƙa leƙa su. Wanda ya zauna mita 3 daga allon inci 100, hoton yana cike masa kusan digiri 40 na ganinsa, kuma a ganina nan ne iyakar daɗi. In ka wuce haka da yawa sai ka koma juya wuya maimakon ido, bayan awa ɗaya ka ji kanka ya yi nauyi.

Ka yanka tef ɗin manne takarda ka liƙa kusurwoyi huɗu a bango, ka koma kujera ka zauna yadda ka saba zama. Idonka ya kamata ya yi daidai da wajen kashi ɗaya cikin uku na tsayin allon daga ƙasa. In ka ga kana ɗaga haɓa, sauko da tef ɗin.

Lissafin tazara

Kowane majigi yana da wata lamba a takardar bayanansa da aka rubuta Throw Ratio. Ma'anarta ita ce tazarar da yake buƙata domin kowace mita ɗaya ta faɗin hoto. Lissafin bai wuce wannan ba:

```
tazara = Throw Ratio × faɗin hoto
faɗin hoto = tazara ÷ Throw Ratio
```

Ana auna tazarar ne daga idon majigin, wato gilashin da haske yake fita ta cikinsa, zuwa allo. Ba daga bayan akwatin ba. Idan majigin yana da zum za ka ga lambobi biyu, ƙarama da babba, kuma tsakaninsu ne kake da 'yancin matsawa gaba ko baya.

Bari mu ɗauki falo mai tsawon mita 4.2, kujera tana mita 3 daga bangon da za a haska, filin bangon kuma ya isa inci 100 amma bai wuce faɗin mita 2.3 ba. Majigin da ke hannu lambobinsa 1.13 zuwa 1.46. Maigidan yana so ya ɗora shi a kan kanta a bangon baya, don nan ne ya fi tsafta. Mu gani. Jikin majigin zai ci kamar santimita 25, wayoyi da iska a bayansa su ci 15, idon ya tsaya a mita 3.8 daga allo. Raba 3.8 da 1.46, za ka samu mita 2.6. Wannan shi ne hoto mafi ƙanƙanta da zai iya bayarwa daga can, ko ka murɗa zum har ƙarshe, kuma ya riga ya haura bangon da santimita 30. Kanta ta faɗi ke nan.

To ina zai zauna? Ninka 2.21 da 1.13, ka samu mita 2.5. Ninka 2.21 da 1.46, ka samu mita 3.23. Domin inci 100, idon majigin dole ya kasance tsakanin mita 2.5 da 3.23, wato kusan daidai inda mutum yake zaune. Wannan ita ce matsalar da ta fi addabar falo: mazaunin majigi da mazaunin mai wasa suna rigima a kan wuri ɗaya. Mafita biyu ce. Ko dai ƙaramin teburi a gaban kujera, a mita 2.5, ka haƙura da ƙarar fanka a gaban gwiwarka da inuwar duk wanda ya gitta. Ko kuma a rataye shi a silin. Ni na fi son silin, kuma in zan huda, zan huda ne yadda idon zai tsaya wajen mita 2.8 ko 2.9, a tsakiyar zangon. Wanda ya kafa a daidai 2.5 ko daidai 3.23 bai bar wa kansa wurin gyara ba, kuskuren santimita biyar sai ya sa hoton ya kasa cika allo ko ya zubo waje.

Da a ce majigin mai gajeren zango ne, misali 0.69 zuwa 0.83, inci 100 zai fito daga mita 1.53 zuwa 1.83, teburin ya yi nisa da kujera, kowa ya huta. Akwai kuma masu zama dab da bango, waɗanda lambarsu take wajen 0.25: idonsu yana bukatar kusan santimita 55 kacal. Su kuma ba sa yafe wa bango. Da yake haskensu yana hawa ne a karkace daga ƙasa, ɗan tudun filasta da ido bai gani sai ya fito kamar igiyar ruwa a hoton, don haka sai da allo mai firem, miƙaƙƙe sosai.

Tsayi, da dalilin guje wa Keystone

Tazara ta gaya maka gaba da baya, saura sama da ƙasa. Mafi yawan majigin gida ba sa harba hoto kai tsaye, suna ɗaga shi sama ne, domin in an ajiye su a teburi hoton ya fara daga saman teburin. Wannan shi ne abin da takarda take kira Offset. In aka rubuta 105%, a yawancin kamfanoni ana nufin gindin hoton zai fi tsakiyar idon tsayi da kashi 5 cikin ɗari na tsayin hoton, wato kusan santimita 6 a inci 100. Da yake kamfanoni ba su haɗu a kan hanyar rubuta wannan lamba ba, ka dubi zanen da ke cikin littafin majigin, shi ne ba ya ruɗarwa.

A silin majigin a kife yake, sai lissafin ya juya: idon zai fi saman hoton tsayi da wannan santimita 6. A falonmu, in gindin allo yana santimita 70 daga ƙasa, samansa yana 195, idon majigin ya kamata ya sauka a wajen 201. In silin ɗin mita 2.7 ne, kana bukatar sandar rataya da za ta sauko da idon kusan santimita 70. Mutane da yawa suna ganin wannan ya yi muni, sai su manna shi a silin su sunkuyar da kansa ƙasa. Daga nan matsala take farawa. Hoton zai fito da gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, sai a shiga menu a danna Keystone har ya miƙe.

Keystone ba ya motsa gilashi. Matse hoton yake yi da lissafi, ya bar wasu fiksel a banza, ya sake zana sauran. Rubutu ƙanana su ɗan yi laushi, haske ya ragu, in ka kashe fitila za ka ga wani dishi-dishin haske a karkace kewaye da hoton. Abin da ya fi mana ciwo shi ne, wannan lissafin yana ƙara jinkiri, kuma a majigi da dama ba a haɗa shi da yanayin gem mafi sauri: ka kunna ɗaya, ɗayan ya kashe kansa. Haka zum na lissafi da gyaran kusurwa huɗu suke. Lens Shift daban ne, shi gilashin ne da kansa yake matsawa sama ko gefe, ba ya cin lokaci ko kaɗan. In majiginka yana da shi, yi amfani da shi ba tare da fargaba ba.

In falon ya hana saukar da majigi sosai, gara a ɗaga allon kaɗan a haɗu a tsakiya da a karkata shi.

Ga yadda ake daidaitawa. Mayar da Keystone sifili, ka kashe na kai-da-kai in akwai. Kunna zanen gwaji na layuka da ke cikin menu, galibi sunansa Test Pattern. Ka tabbatar idon majigin, ba tsakiyar akwatinsa ba, shi ne yake fuskantar tsakiyar allo, domin a majigi da yawa idon a gefe yake. Sai ka karanta siffar hoton. Gefen da ya fi girma shi ne ya fi nisa da majigin. In dama ta fi hagu tsayi, kan majigin ya karkata dama, juyo shi hagu kaɗan. In sama ta fi ƙasa faɗi, ya ɗaga kai da yawa. In hoton gaba ɗaya ya jirkice kamar hoton bango da ƙusa ta saki, ƙafa ɗaya ce ta fi ɗaya. Sai siffar ta zama murabba'i mai kusurwoyi daidai sannan ka taɓa zum. Tace hoto shi ne na ƙarshe, kuma ka bari majigin ya yi kamar minti ashirin a kunne tukuna, don gilashi yana ɗan sauyawa in ya ɗumama. Ka matsa kusa da allo ka tace har ka ga ƙananan fiksel, ka duba tsakiya da kusurwoyi.

Waya

Majigi yana silin, na'urar gem tana gaba kusa da sifiku, don haka wayar HDMI za ta yi tafiya. Auna hanyar da za ta bi ta bango da silin, ba miƙaƙƙen layi ba. A falonmu mita 2.9 tana iya komawa 7 ko 8. Wayar tagulla zalla tana ɗaukar 4K a 60Hz, wato hoto 60 a daƙiƙa, lafiya a gajeren zango, amma daga wajen mita 5 zuwa sama abin ya zama sa'a. Alamun waya ta gaza ba sa ɓuya: allo ya yi baƙi na daƙiƙa ɗaya ko biyu ya dawo, ƙananan ɗigo farare su riƙa walƙiya, ko na'urar ta ƙi ba ka 4K sam. Domin dogon zango nemi HDMI mai zaren gilashi. Tana da kai da gindi, bakin da aka rubuta Source yana shiga na'urar gem, wanda aka rubuta Display yana shiga majigi. Na taɓa cusa irinta ta cikin silin a juye, sai da na sake zaro ta duka. Gwada ta a ƙasa tukuna, da gem a kunne na rabin awa, kafin ka binne.

Tsawon waya ba ya ƙara jinkirin da za a ji. Na'urorin aika hoto ba waya su ne suke ƙarawa, ka bar su domin fim.

Jinkiri

Ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Domin lambobin su yi ma'ana, riƙe wannan: a 60Hz kowane firem, wato hoto ɗaya cikin jerin da allo yake sauyawa, yana ɗaukar milisakan 16.7, a 120Hz kuma 8.3. Majigin da aka yi domin gem yana iya tsayawa wajen milisakan 16 ko 17 a 60Hz, wato firem ɗaya, ya sauko wajen 8 a 1080p da 120Hz. Majigin fim da ba shi da yanayin gem yana iya kaiwa 60, 80, har ya haura 100. A ma'aunina, ƙasa da 20 ba abin kuka, zuwa 35 ko 40 ana buga gem na labari da yawo cikin daɗi, daga 50 zuwa sama kuma gem na faɗa, harbi, tsere da ƙwallo sai ka ji kamar kana tuƙi a cikin taɓo.

A majigin, abu na farko shi ne kunna yanayin saurin. Sunansa ya bambanta: Game Mode, Fast Mode, Enhanced Gaming, Low Latency. Ka kula, a wasu majigin akwai Game a cikin jerin launuka, wanda launi kawai yake sauyawa, maɓallin saurin kuma yana wani shafi daban. Na biyu, kashe duk abin da yake ƙirƙirar firem na tsakiya don motsi ya yi santsi, wanda za ka gani da suna MEMC ko Frame Interpolation ko wani suna mai Motion a ciki. Wannan dole ya jira firem na gaba ya iso kafin ya zana na tsakiya, shi ya sa ya fi kowa cin lokaci. Kashe Noise Reduction da Overscan su ma. Na uku, duba saitin ramin HDMI ɗin da ka sa wayar. Majigi da yawa suna zuwa da shi a tsohon yanayi, sai ka mayar da shi Enhanced ko 2.0 kafin 4K a 60Hz da HDR su wuce. Saitin yakan zama na kowane rami daban, in ka sauya rami sai ka sake.

A PlayStation 5, shiga Settings, Screen and Video, Video Output. A nan Video Output Information zai nuna maka abin da yake fita a zahiri. A Xbox Series X da S, bi Settings, General, TV & display options, ka buɗe 4K TV details ka ga abin da majigin ya amsa zai iya. Dukansu suna da ALLM, wanda yake gaya wa allo ya shiga yanayin sauri da kansa, amma sai majigin ya san yaren. In bai sani ba, da hannu za ka kunna.

Kada ka sa rai da 4K a 120Hz. Wannan sai HDMI 2.1 mai faɗin hanya, yawancin majigin gida kuma a HDMI 2.0 suka tsaya, mai gigabit 18 a daƙiƙa. Zaɓin da ke gabanka galibi biyu ne: 4K a 60Hz, ko 1080p a 120Hz. Domin gem na gasa da yake goyon bayan firem 120, sauke Resolution zuwa 1080p ka kunna 120Hz. Daga mita 3 za ka ga ɗan bambanci a kaifin rubutu, amma hannunka zai gode maka. Nintendo Switch na farko ba ya wuce 1080p a 60Hz a kan mazauninsa, don haka shi ba ruwansa da wannan zaɓi.

In baƙi ya koma toka-toka, ko wurare masu duhu sun cushe ba a ganin komai, duba RGB Range. Na'urar da majigin dole su yarda a kan abu ɗaya, ko Limited duka ko Full duka. Bar su a Automatic, sai in ka ga wannan alamar sannan ka sa su da hannu. HDR kuma, majigi ba ya kai hasken talabijin, don haka ka bi Adjust HDR a PlayStation 5 ko HDR Game Calibration a Xbox. In bayan haka gem ya ci gaba da yin duhu a falo mai fitila, kashe HDR ɗin ba laifi ba ne.

Kana iya auna jinkirin da wayar hannu. Sa kyamara a ɗaukar hoto mai tafiyar hawainiya, firem 240 a daƙiƙa, inda kowane firem yake milisakan 4.17. Jingina wayar yadda za ta ga yatsanka a kan kwantirola da allon a lokaci guda. Zaɓi abu mai amsawa nan take, kamar tsalle ko harbi, ka danna sau goma. Sai ka bi bidiyon firem bayan firem, ka ƙirga daga inda maɓallin ya nutse zuwa inda allon ya fara sauyawa, ka ɗauki matsakaici. A ce ka samu firem 36 da yanayin fim, wato milisakan 150, sannan 22 da yanayin gem, wato kusan 92. Kada 92 ta tsorata ka, domin a cikinta akwai rabon kwantirola da na gem ɗin kansa. Bambancin shi ne abin dubawa: firem 14, kusan milisakan 58, da majigin yake haɗiyewa. Maimaita gwajin da Keystone a kunne, za ka san ko naka yana cajin kuɗin gyara.

Sauti

Talabijin yana ba ka hoto da sauti daga wuri ɗaya. Majigi kuwa hotonsa yana gaba, 'yar sifikarsa tana saman kanka tare da fanka. Sauti dole ya fito daga wajen allo, sai dai PlayStation 5 da Xbox Series X da S duk ba su da ramin sauti na zaren haske, HDMI ɗaya ne yake ɗauke da komai. Aikin shi ne raba sauti da hoto a hanya.

Hanya mafi tsafta ita ce na'urar gem ta shiga amfilifaya ko doguwar sifika mai ramin HDMI IN, daga HDMI OUT ɗinta kuma doguwar waya ta tafi majigi. Sautin ya sauka a gaba, hoto ya wuce. Sharaɗin shi ne abin da ke tsakiya ya iya wuce da duk abin da kake so. Tsohuwar amfilifaya tana iya hana 4K ko HDR, wata sifikar kuma tana wuce da 4K a 60Hz amma ta toshe 120Hz. Bayan haɗawa koma shafin bayanin hoto na na'urar ka ga ko wani abu ya ɓace. In amfilifayar tana da saitin gyaran hoto, sa shi a Passthrough ko Direct don kada ta ƙara nata jinkirin.

Hanya ta biyu ita ce ARC ko eARC, in majigin yana da shi. Na'urar gem ta shiga wani ramin majigin, sauti ya dawo ta ramin ARC zuwa sifika. Hoto bai bi ta hannun kowa ba, amma yanzu dogayen wayoyi biyu kake ja, kuma ba kowace waya mai zaren gilashi take dawo da ARC ba, sai ka duba kwalinta. ARC na asali yana ɗaukar sitiriyo marar matsi ko 5.1 mai matsi irin Dolby Digital da DTS ne kawai, eARC ne yake ɗaukar tashoshi da yawa ba tare da matsi ba.

In sifikunka ba su da HDMI ko kaɗan, akwai ƙaramin akwati mai cire sauti daga HDMI ya fitar ta zaren haske ko jak. Nemi wanda aka rubuta yana ɗaukar 18Gbps da HDCP 2.2, in ba haka ba zai mayar da kai 1080p ko ya ba ka baƙin allo a manhajojin fim. Zaren haske iyakarsa ɗaya da ta ARC na asali. Wanda yake wasa shi kaɗai da dare kuwa, ya cusa abin kunne mai waya a jak ɗin kwantirola, magana ta ƙare.

Bluetooth daga majigi zuwa sifika shi ne mafi sauƙin haɗawa, kuma shi ne mafi muni a gem. Yakan ƙara milisakan 100 zuwa 200, wani lokaci fiye. Ka harba, ka ga wuta, sannan ƙara ta biyo baya.

A saitin na'urar zaɓi sauti marar matsi. A PlayStation 5, Settings, Sound, Audio Output: sa HDMI Device Type daidai da abin da ka haɗa, Audio Format (Priority) kuma Linear PCM. A Xbox, Volume & audio output, ka zaɓi Stereo uncompressed ko 5.1 uncompressed. Dalilin shi ne Dolby da DTS sai an matse su a na'urar an warware a sifika, kowane mataki da lokacinsa. Sai in hanyarka ARC na asali ce ko zaren haske, kuma kana son 5.1, sannan Dolby Digital ko DTS ya zama dole. In ka zaɓi 5.1 marar matsi a irin wannan hanyar, alamar ita ce kiɗa da ƙarar harbi suna fita amma muryar masu magana ta ɓace, saboda tashar tsakiya ba ta iso ba. Koma sitiriyo.

Saura haɗa baki da murya. Kunne ya fi saurin kama sautin da ya riga hoto a kan wanda ya makara: ana fara lura in ya riga da wajen milisakan 45, amma in makara ya yi sai ya kai wajen 125. Saitin Audio Delay ko Lip Sync jinkirta sauti kawai yake iyawa. In majigin yana yanayin fim hoto yana makara da milisakan 80, sai ka ƙara wa sautin 80 su haɗu. Matsalar ita ce mutum ya saita haka domin fim, ya koma gem ya kunna yanayin sauri, ya manta lambar tana nan, sai sauti ya koma bin hoto a baya. Domin gem fara da sifili. Yi gwajin kyamarar nan da wani abu mai walƙiya da ƙara tare, kamar harbi, ka ƙara goma-goma in sautin ne yake riga. In kuwa a sifili ma sautin ne a baya, babu lambar da za ta janyo shi gaba. Sai ka bi hanyar ka cire mai laifin ɗaya bayan ɗaya: Bluetooth da farko, sannan Dolby ko DTS, sannan yanayin kewaye na ƙarya da sauran gyare-gyaren sifikar, a ƙarshe ka gwada mayar da na'urar gem ta shiga sifikar kai tsaye maimakon ta zagaya ta ARC.